Me Hindu Ke Tunawa da Shi a Daren Diwali?

Tambaya: Malam, na sha ganin bikin fitilu na Diwali a finafinan Indiya. Wata ƙawata ta ce murnar dawowar wani sarki ce bayan an kore shi daji, wani kuma ya ce mini bikin allahiyar arziki ne. Wanne ne daidai, kuma daga ina labarin ya samo asali?

Amsa: Malama, duka biyun gaskiya suka faɗa miki, sai dai kowannensu ya riƙo reshe ɗaya ne na bishiya mai rassa da yawa. Diwali ba shi da labari guda wanda dukan mabiya addinin Hindu suka haɗu a kansa. Abin da suka haɗu a kansa shi ne daren da kuma fitilar. Idan kika tambayi mutumin arewacin Indiya dalilin kunna wutar zai kira miki sunan Rama, ɗan kasuwar Gujarat zai kira Lakshimi, mutumin Tamil Nadu zai kira Kirishna, mutumin Bangal kuma zai kira Kali, alhali dukansu a mako ɗaya suke shagalinsu. Zan kawo miki labaran kamar yadda masu addinin suke ba da su, domin ba a fahimtar al'adar mutane sai an fara sauraron abin da su da kansu suke faɗa a kanta.

Sunan ya fito ne daga harshen Sanskirit, inda ake cewa difawali, wato jerin fitilu, kuma a kudancin Indiya har yau da wannan dogon sunan ake kiran bikin. Fitilar da ake nufi ita ce wadda suke kira diya, wani ɗan kasko na yumɓu da bai fi tafin hannun yaro ba, mai ɗan baki a gefe ɗaya, ana zuba masa mai ko man shanu, a murza auduga a yi lagwani. Duk wanda ya san aci-balbal ya riga ya san diya.

Ya kamata a fara da lokacin, don shi ne ya riƙe sauran abubuwan duka. Babban daren Diwali shi ne daren da wata ya ɓace ƙurmus, wanda suke kira amawasiya, kuma yana faɗowa ne tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba. Lissafin watanninsu na farin wata ne kamar na Hijira, amma sun bambanta da shi a abu ɗaya: kusan duk shekara uku sukan ƙara wata guda don shekararsu ta daidaita da ta rana. Shi ya sa azumi da salla suke zagaya damina da rani da hunturu, Diwali kuwa ba ya barin kaka. A 2022 ya zo ran 24 ga Oktoba, a 2023 ran 12 ga Nuwamba, ya ja baya ya dawo gaba, amma bai fita daga wannan tsakanin ba. A arewacin Indiya wata yana ƙarewa ne da cikar farin wata, don haka daren ya zama tsakiyar watan Kartika, a Gujarat da Maharashtara kuwa wata yana ƙarewa da ɓacewarsa, sai daren ya zama na ƙarshe a watan Ashwin. Dare ɗaya ne da suna biyu, kuma wannan ne dalilin da ya sa mutanen Gujarat suke wayar gari cikin sabuwar shekararsu washegarin Diwali.

Akwai wani abu a lissafin da kan haddasa saɓani, kuma misalin 2024 ya nuna shi sarai. Ranar wata a wurinsu, wadda suke kira titi, ba ta farawa da fitowar rana ko faɗuwarta. Ana auna ta ne da tazarar da ke tsakanin wata da rana a sararin sama, duk daraja 12 titi ɗaya, saboda haka tana iya somawa da la'asar ta ƙare da magaribar gobe. Sharaɗin ibadar Diwali kuma shi ne amawasiya ta kasance tana nan bayan faɗuwar rana. A waccan shekarar ta shiga da yammacin 31 ga Oktoba, wajen ƙarfe huɗu saura, ta fita ran 1 ga Nuwamba da ƙarfe shida da 'yan mintoci, wato ta mamaye daren farko gaba ɗaya, ta ɗan taɓa farkon dare na biyu. Malamansu suka rabu, waɗansu garuruwa suka yi ran 31, waɗansu suka yi ran 1. Wanda ya saba da muhawarar ganin wata ba zai yi mamakin wannan ba.

Idan aka dubi abin da ke faruwa a ƙasa a wannan lokaci, za a ga ma'anar bikin tun kafin a buɗe wani littafi. Daminar Indiya tana farawa a Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba, ta bar gidaje da danshi da funfuna da ƙwari. Shinkafa ta nuna ana yanka, manomi ya sami kuɗi a hannu, zai biya bashin da ya ci ya sayi sutura da kwanuka, hanyoyi sun bushe fatake za su fita. Saboda haka ake share gida lungu-lungu, a yi yaɓe, a shafa farar ƙasa ko fenti, a zubar da tarkace, ɗan kasuwa ya rufe tsohon littafin lissafinsa ya buɗe sabo. Fahimtar da na yi, bayan shekarun da na yi ina nazarin addinan Indiya, ita ce wannan biki na kaka shi ne gindin bishiyar, labaran kuma kowace al'umma ta zo ta rataya wanda ta fi ƙauna a jikinsa.

Labarin da ƙawarki ta ba ki shi ne na Rama, kuma shi ya fi yaɗuwa a arewacin ƙasar. Yana cikin Ramayana, doguwar waƙa ta Sanskirit mai baiti kimanin 24,000 da ake jingina wa wani mai hikima, Walmiki. Dasharata sarkin Ayodiya yana da mata uku da 'ya'ya maza huɗu, Rama ne babba, kuma Hindu suna ɗaukarsa a matsayin abin bautarsu Bishnu da ya sauko duniya cikin siffar mutum. Da tsufa ya kama sarki sai ya yanke shawarar naɗa Rama. Ana gobe naɗi, wata kuyanga mai suna Mantara ta shiga ɗakin Kaikeyi, matar da sarki ya fi so, ta yi ta hura mata wuta cewa ranar da ɗan kishiya ya hau karaga ita da ɗanta Barata sun zama bayi a gidan. Kaikeyi ta taɓa ceton ran sarki a fagen yaƙi, ya yi mata alkawarin biyan buƙata biyu duk ranar da ta nema, ta ajiye alkawarin shekara da shekaru. A wannan dare ta fito da shi: a naɗa Barata, a kuma kori Rama daji shekara 14.

Wurin da masu labarin suka fi tsayawa shi ne amsar Rama. Jama'ar gari suna bayansa, ƙaninsa Lakshimana ya so a ɗauki makami, shi kansa sarkin yana kuka yana fatan ɗan ya ƙi. Rama ya ce maganar uba ba za ta faɗi ƙasa banza ba, ya tuɓe kayan sarauta ya sa na ɓawon itace ya fita, matarsa Sita da Lakshimana suka ce ƙafarsa ƙafarsu. Baƙin ciki ya kashe Dasharata. Barata ba ya gari lokacin da aka ƙulla abin, da ya dawo ya ji sai ya yi wa mahaifiyarsa faɗa, ya bi yayansa har daji yana roƙonsa ya komo. Da Rama ya ƙi, Barata ya karɓi takalmansa ya ɗora su a kan karaga, shi kuma ya koma wani ƙauye a bayan gari yana riƙon ƙwarya da sunan mai takalman. A duk labarin wannan ne wurin da ya fi taɓa ni, domin mun san abin da gadon sarauta yake yi wa 'yan uba, ga kuma ƙane an miƙa masa mulki a hannu ya zaɓi ya yi gadin takalmi shekara goma sha huɗu.

A ƙarshen zaman dajin ne Rawana, sarkin dodanni na tsibirin Lanka mai kai goma, ya sace Sita. Ya aiko wani dodo cikin siffar barewa mai launin zinariya ta janye Rama daga bukka, sannan ya zo a matsayin mai bara ya ɗauke ta. Rama ya ƙulla amana da rundunar birai, jarumin cikinsu Hanuman ya tsallake teku ya gano inda aka tsare ta, aka gina gada da duwatsu, aka gwabza yaƙi har Rama ya harbe Rawana. Ranar wannan nasara tana da bikinta daban, Dasehara, inda ake ƙona manyan gumakan Rawana na takarda da gora, kuma tana zuwa kwana 20 kafin Diwali. Abin da Diwali yake tunawa shi ne isowa gida. Mutane suna cewa Rama ya shigo Ayodiya a daren da babu wata, sai jama'a suka jera fitilu a kan katangu da ƙofofi da bakin hanya don ya ga hanyar gidansa. Mai kunna diya a arewacin Indiya yana sa kansa ne a cikin waɗancan talakawa da suka ƙirga shekara goma sha huɗu suna jira. Garin Ayodiya yana nan a jihar Uttar Faradesh, kuma tun 2017 gwamnatin jihar take shirya kunna fitilu a gaɓar kogin Sarayu, waɗanda a 2023 suka haura miliyan 2.

Sai dai akwai abin da mai neman asali ya kamata ya sani. Tsohuwar waƙar Walmiki ta siffanta dawowar Rama da tutoci da furanni da kiɗa, amma ba ta kira ranar da sunan Diwali ba. Ɗaure bikin da wannan labari ya ƙarfafa ne daga baya, a ƙarnonin da ƙaunar Rama ta mamaye arewacin Indiya. Muna da shaida mai kyau daga wani malami Musulmi, Abu Raihan Albiruni, wanda ya koyi Sanskirit ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030. Ya ambaci bikin da sunan Dibali, ya ce mutane suna wanka su sa kayan ado, su yi wa juna kyautar ganye da ƙwayar da suke taunawa kamar yadda muke cin goro, su je wuraren ibada su yi sadaka, da dare kuma su kunna fitilu masu yawa a ko'ina. Da ya zo bayanin dalili bai ambaci Rama ba sam. Sunaye biyu ya kawo, Lakshimi da Bali. Wannan ya nuna cewa wanda ya ce miki bikin allahiyar arziki ne ya riƙo reshen da aka daɗe da saninsa.

Lakshimi a imaninsu matar Bishnu ce, kuma ita ce ma'abuciyar wadata da albarkar gida. Labarinta ya fara da raini. Wani mai ibada mai zafin rai, Durwasa, ya ba Indira sarkin alloli abin wuya na furanni, shi kuma ya ɗora a kan giwarsa, giwar ta jefar ta tattake. Mai ibadar ya yi masa baki, albarka ta gudu daga duniya, alloli suka raunana har abokan gabarsu, waɗanda ake kira asura, suka fi ƙarfinsu. Bishnu ya ba su shawara su yi sulhu da abokan gabar su kaɗa tekun madara don fito da ruwan rai. Hoton na ɗakin mace ne mai kaɗa nono: dutsen Mandara ya zama maburgi, macijin Basuki ya zama igiya, alloli suka kama wutsiya, asura suka kama kai, Bishnu kuma ya zama kunkuru ya tallafi dutsen don kada ya nutse. A cikin abubuwan da suka taso har da wata guba mai iya hallaka duniya, abin bautarsu Shiba ya shanye ta ta tsaya masa a maƙogwaro. Daga baya Danwantari, likitan alloli, ya fito riƙe da tulun ruwan rai, Lakshimi ma ta fito a kan fure irin na bado, ta dubi taron ta zaɓi Bishnu.

Abin da ya shiga rayuwar gida daga wannan labari shi ne cewa arziki baƙuwa ce mai tafiya, an taɓa raina ta ta tafi, kuma tana iya sake tafiya. Suna cewa a daren Diwali tana zagaya duniya tana duba gidaje, ta shiga wanda ta tarar da tsabta da haske da zaman lafiya, ta wuce wanda ta tarar da duhu da ƙazanta da faɗa. Fitilar a nan gayyata ce.

Na ga yadda ake yin wannan a gidan wani mai sayar da atamfofi da yadudduka da na yi haya a wurinsa lokacin karatuna a arewacin Indiya. Tun saura mako biyu aka fitar da katifu rana, aka sauke duk abin da ke saman kabad aka goge. Da safiyar ranar matar gidan ta jiƙa sababbin fitilun yumɓu a bokiti na 'yan sa'o'i sannan ta shanya su, ta ce mini kaskon da bai sha ruwa ba shanye mai yake yi, kafin dare ya raba ya mutu. 'Yarta ta durƙusa a ƙofar gida ta zana ado da garin launi, wanda suke kira rangoli, sannan ta kwaɓa garin shinkafa ta ɗiɗɗiga ƙananan sawaye daga bakin ƙofa zuwa ɗakin ibada, dukansu suna fuskantar ciki. Na tambaya, ta ce sawun Lakshimi ne, kuma ba a zana shi yana kallon waje. Da magariba ta yi suka zauna gaban ƙananan gumaka biyu, na Lakshimi da na Ganesha mai kan giwa, wanda suke farawa da shi a kowane sabon al'amari don ya kawar da cikas. An ajiye tsabar kuɗin azurfa da alawa da soyayyar shinkafa mai kumbura, maigidan kuma ya kawo sabon littafin lissafi mai jan bango, ya buɗe shafin farko ya rubuta kalmomi biyu da jan gari, shub da lab, wato alheri da riba. Bayan nan yara suka ɗauki fitilun a faranti suna rarrabawa, a kan katanga, a bakin taga, a gindin famfo, har inda ake zuba shara, kuma a daren ba a rufe ƙofa da wuri ba. Wannan al'ada ta buɗe littafi ta kai har kasuwar hannayen jari ta Mumbai, wadda take buɗewa na kimanin sa'a ɗaya a ranar, duk da cewa hutu ne, don a yi cinikin farko na sabuwar shekarar lissafi.

Sunan na biyu da Albiruni ya kawo, Bali, yana da labari mai ban tausayi. Bali sarkin asura ne, amma adali mai kyauta, wanda mulkinsa ya faɗaɗa har ya mamaye sama da ƙasa. Bishnu ya zo masa cikin siffar wada, Wamana, ya roƙi ƙasa taku uku kacal. Malamin Bali ya gane ko wane ne ya gargaɗe shi, Bali ya ce ba zai janye kyautar da ya furta ba. Wadan ya girma, taku ɗaya ya rufe duniya, na biyu ya rufe sama, ya tambayi inda zai ajiye na uku, Bali ya sunkuyar da kansa. Aka tura shi ƙarƙashin ƙasa, amma saboda cika alkawarinsa aka ba shi damar dawowa ya ga talakawansa sau ɗaya a shekara. A Maharashtara da Karnataka washegarin babban daren ranarsa ce. Ki lura cewa wanda ake kunna wa fitila a nan shi ne wanda aka kayar. Shi ya sa nake ganin taƙaita Diwali da cewa nasarar alheri ce a kan mugunta, ko da yake Hindu da kansu suna faɗin haka kuma gaskiya ne a labarin Rama, bai ɗauke dukan abin da ke cikin bikin ba. Bali da Rama sun yi tarayya a abu biyu: dukansu sun rasa mulki don riƙon magana, dukansu kuma ana jiran dawowarsu.

Idan aka gangara kudu, babbar ranar ma tana canzawa. A Tamil Nadu ranar da ta gabaci daren duhu ita ce bikin, kuma da asuba ake yinsa. Labarinta na Naraka ne, ɗan allahiyar ƙasa, wanda ya yi sarauta a Faragjotisha, wurin da ake dangantawa da Asam ta yau. Ya yi girman kai, ya ƙwace 'yan kunnen Aditi uwar alloli, ya tsare mata 16,000 a fadarsa. Kirishna, wanda shi ma suke ɗauka a matsayin saukowar Bishnu, ya tafi yaƙarsa tare da matarsa Satiyabama. A ruwayar da ta shahara a kudu, an yi wa Naraka alkawarin cewa babu mai kashe shi sai uwarsa, Satiyabama kuwa uwar tasa ce da ta sake dawowa duniya, saboda haka da Kirishna ya faɗi a fagen fama ita ce ta ɗana baka ta harbe shi. Ana cewa an roƙi a riƙa tuna ranar mutuwarsa da murna maimakon makoki. Matan da aka 'yanto kuwa, da yake al'umma ba za ta karɓi macen da ta zauna a gidan wani ba, Kirishna ya aure su duka don ya tsare musu mutunci.

Al'adar ranar ta bi labarin sau da ƙafa. Ana tashi kafin ketowar alfijir, babbar mace a gidan ta shafa wa kowa man riɗi a ka, a yi wanka da ruwan ɗumi, a sa sababbin kaya, sannan yara su fita wasan wuta tun gari bai waye ba. Suna ɗaukar wankan wannan asuba daidai da wanka a kogin Ganga, har gaisuwar ranar ita ce a tambayi mutum ko ya yi wankan Gangarsa. A Maharashtara ana ajiye wani ɗan itace mai ɗaci a ƙasa a murƙushe shi da ƙafa a matsayin kan Naraka, a Gowa kuma samari suna kwana suna yawo da manyan gumakansa su cinna musu wuta da asuba.

A yawancin arewa da yammacin ƙasar bikin kwana biyar ne, kuma ranakun gefe suna da nasu labaran. Ta farko, Danteras, ranar sayen zinariya ko azurfa ko sabon kwano ce, ana danganta ta da fitowar Danwantari. Amma a daren nan akwai fitila ɗaya da ake ajiyewa a wajen gida tana fuskantar kudu, don Yama mai ɗaukar rai, domin kudu ce nahiyarsa. Ana ba da labarin wani yarima ɗan shekara 16 da masu duba suka ce maciji zai sare shi a dare na huɗu da aurensa. Amaryar ta tara gwala-gwalanta a bakin ƙofa, ta kunna fitilu ko'ina, ta hana shi barci da waƙa da tatsuniya. Yama ya zo a siffar maciji, hasken ya kashe masa ido, ya hau kan tarin zinariyar ya zauna yana sauraro har gari ya waye, lokacin ya wuce, ya juya ya tafi. Bayan ranar Naraka da babban daren, rana ta huɗu a yankin Matura ta Kirishna ce, wanda ya ɗaga dutsen Gobardan kwana bakwai don makiyaya da shanunsu su fake daga ruwan da Indira ya sako musu, kuma ana tara abinci tuli guda a siffar dutse. Ta biyar ta 'yan'uwa ce, mace ta gayyaci ɗan'uwanta namiji ta ciyar da shi ta sa masa alama a goshi, don tunawa da ziyarar da Yama ya kai wa 'yar'uwarsa Yamuna. A Bangal kuwa babban daren na Kali ne, baƙar allahiya mai kashe dodanni, wadda ake bauta wa da tsakar dare.

Har waɗanda ba Hindu ba sun sami abin tunawa a wannan dare. Mabiya addinin Jain suna cewa a cikinsa ne babban malaminsu Mahawira ya rasu a Fawafuri da ke Bihar, a shekara ta 527 kafin Miladiyya bisa lissafinsu, kuma sarakuna 18 da suka halarta suka ce tun da hasken ilimi ya tafi, to a kunna na fitila. Mabiya addinin Sik suna tuna sakin jagoransu na shida, Guru Hargobind, daga kurkukun ganuwar Gwaliyo a zamanin Sarki Jahangir, wanda suke sanyawa a 1619. Ruwayarsu ta ce ya ƙi fita sai an saki 'ya'yan sarakuna 52 da ke tsare tare da shi, sarki ya ce wanda duk ya iya riƙe rigarsa ya bi shi ta ƙofa ya tafi. Sai ya sa aka ɗinka masa riga mai igiyoyi 52, kowa ya kama ɗaya suka fito. Da ya isa Amritsar a lokacin Diwali jama'a suka haskaka wurin ibadarsu don tarbarsa, kuma har yau a wannan dare fitilu suke kwana a gefen tafkin da ya kewaye shi.